Harajin da ke ɓoye cikin kwalin taba da kiredin waya: ina yake shiga, ƙaƙa ake gane shi?

Masu sauraronmu na Madawa, Buza da Keita sun sha aiko muna da tambaya iri ɗaya. Mutum ya sa kiredin jika guda, bai daɗe ba ya ƙare, ya ji ana cewa akwai haraji a ciki, amma ba wanda ya ba shi takarda. Haka mai tebur da ke saida taba sigari kara-kara: babban ɗan kasuwa ya ce mashi kwali ya tashi saboda haraji, alhali takardar da ya ba shi ba ta nuna wani sabon haraji ba. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, Libiya ko Aljeriya su ma suna tambaya, don mi kiran gida kai tsaye ya fi tsada? Amsar duka tana wuri guda.

Haraji biyu ne, ba ɗaya ba

Na farko shi ne TVA, harajin da ke hawa kan mafi yawan abin da ake saye da saidawa. A Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Na biyu shi ne wanda takardun gwamnati ke kira droits d'accises, mu ce harajin aksiz. Shi wannan ba kowane kaya yake hawa ba, an zaɓi waɗansu ne aka ɗora masu shi a kan TVA. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, ta tsara tun 1998 cewa taba da kayan sha, ban da ruwa, dole su biya shi. Ta kuma bar wa kowace ƙasa damar ƙara waɗansu kaya daga wani jeri da ya haɗa da goro, shayi da turare.

Babban bambancinsu shi ne wurin da ake karɓa. Ana lissafin TVA a kowane mataki na ciniki, shi ya sa ake ganinta a rubuce. Aksiz kuwa sau ɗaya ake karɓarsa, a bakin ƙofa: wajen duwan idan kayan daga waje suka shigo, ko a masana'anta idan a gida aka yi su. Daga nan sai ya narke cikin farashi. Kafin kwalin taba ya iso kasuwar Tamaske ko ta Tunfafi, harajin ya riga ya zama kamar gishiri cikin miya, ana jin shi, ba a ganin shi.

Don mi taba?

Dalili na farko lafiya ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma tsada na cikin abubuwan da suka fi rage shanta. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, shan taba na raguwa da wajen kashi 5. Waɗanda suka fi ja da baya su ne samari masu sabon koyo, don aljihunsu bai da nauyi. Nijar ta shiga yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa tata doka a 2006.

Dalili na biyu kuɗin shiga ne, kuma lissafin na nan cikin waɗannan alƙaluma. Tunda sha bai raguwa daidai da tashin farashi, baitulmali na samun ƙari ko da waɗansu sun daina. Sannan masu shigo da taba ba su da yawa. Ya fi sauƙi gwamnati ta karɓa a hannun ƴan kasuwa kaɗan da ta bi masu tebur dubbai ƙauye-ƙauye.

Mu bi kwali ɗaya daga duwan zuwa tebur

A 2017 UEMOA ta ce harajin aksiz na taba kada ya gaza kashi 50 cikin ɗari, kada kuma ya wuce 150. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta, mu yi misali da lambobi masu sauƙi. Ba farashin kasuwar yau ba ne, don a gane hanya ne.

A ce kwali ɗaya, da kuɗin sayensa da na jigila da kuɗin duwan, ya tsaya a tamma 200, wato dala arba'in. Aksiz na kashi 50 ya zama tamma 100, kwali ya koma 300. Sai TVA ta zo, kuma a lura, ba kan 200 ake lissafinta ba, kan 300 ne, har da aksiz ɗin a ciki. Kashi 19 na 300 shi ne tamma 57. Ke nan kwalin ya bar duwan a tamma 357, kuma 157 daga ciki na waɗannan haraji biyu ne. Daga nan babban ɗan kasuwa ya sa ribarsa, mai mota ya karɓi nashi, mai tebur ya sa tashi. A ce an saida shi dala ɗari, tamma 500. Abin da aka biya a duwan na haraji biyun bai kai kashi ɗaya cikin uku na farashin ba, alhali OMS na ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 na abin da mai sha ke biya.

Ga inda matsala take. Harajin kashi-cikin-ɗari ya dogara ne kan darajar da aka bayyana a duwan. Idan mai shigo da kaya ya rubuta 100 maimakon 200, aksiz ya koma 50, TVA ta koma tamma 28 da rabi, gwamnati ta rasa rabin abin da ya kamata ta samu. Haka kuma taba mai araha ita ke biyan haraji mafi ƙanƙanta, ita ce kuwa yara ke saye. Saboda haka ne CEDEAO, a ƙarshen 2017, ta ƙara wani tsayayyen kuɗi a kan kowane kara ɗaya, komi darajar da aka rubuta. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA.

Mu da ke kusa da iyakar Najeriya mun san ɗayar ɓarakar, wato fasa-ƙwauri. Kwalin da ya bi ta daji a bayan babur bai biya ko tamma ba. Alamarsa biyu: arahar da ta wuce hankali, da gargaɗin lafiya da aka rubuta da Ingilishi da sunan ma'aikatar lafiya ta Najeriya, abin da ke nuna don kasuwar can aka yi shi. Mai tebur da ya saye shi ya sani, in ma'aikatan duwan suka kama, ba ya da takardar da za ta kare shi.

Waya kuma, wa ta cuta?

Ba kowa. A nan dalilin kuɗin shiga ne tsantsa. Kamfanonin waya huɗu ne a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Kowane kira da kowane forfe na rubuce cikin na'urorinsu. A ƙasar da mafi yawan ciniki ba ya bi ta takarda, samun mutane miliyoyi suna biya ta ƙofa huɗu kacal abu ne da kowace ma'aikatar kuɗi ke so.

Harajin waya na musamman suna da sunayensu daban, amma aikinsu irin na aksiz ne. Akwai TURTEL, na amfani da hanyoyin sadarwa. Akwai kuma wanda ya fi shafar ƴan ci-rani, TATTIE, da aka ɗora kan kowane minti na kiran da ya shigo daga ƙasashen waje. Kamfanin gida ne ke biyan gwamnati, shi kuma ya caji kamfanin can, kamfanin can ya sa a farashin mai kira. Uwar da ke Karofan ba ta biya komi ba da ta ɗauki waya, ɗanta da ke Abijan ne ya biya. An soke TATTIE cikin kasafin kuɗin 2018, ƙungiyoyin farar hula suka yi ta zanga-zanga suna cewa an yafe wa kamfanoni an matsa wa talaka, sannan aka maido shi cikin kasafin 2019.

Irin wannan haraji yana da iyaka. Kiran WhatsApp ta intanet yake bi, ba ya cikin lissafin minti na kiran waje, don haka duk tsadar da aka ƙara, can mutane ke komawa. Akwai kuma masu zamba da ke karkatar da kiran waje ta cikin layukan gida. In ɗan uwanka ya kira daga waje ka ga lambar Nijar da ba ka sani ba ta fito, muryar kuma na yankewa, to kiran ya bi ta bayan gida ne.

Kada a haɗa waɗannan da dala biyu, tamma 10, da aka tsara cirewa kan kira da sayen forfe don asusun FSSP da aka kafa a watan Oktoban 2023. Wannan asusu ne na daban.

Yadda za ku karanta takarda

Kalmomi uku za ku nema. HT shi ne farashi kafin TVA. TVA ita ce kashi 19. TTC shi ne jimillar da za ku biya. Kamin ko asibiti ko ƙungiyar manoman albasa da ke biyan waya wata-wata, in HT ya nuna 10.000, TVA za ta zama 1.900, TTC 11.900.

Mai kiredi ba ya samun takarda, jikarsa guda TTC ce tun farko. In ana son sanin TVA da ke ciki, ba a cire kashi 19 na 1.000, wato 190. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Ana raba 1.000 ne da 1,19, a samu wajen 840. Ke nan TVA wajen tamma 160 ce, dala talatin da biyu.

Aksiz na taba kuwa, a takardar duwan ta mai shigo da kaya yake fitowa da sunansa. A takardar da babban ɗan kasuwa ke ba mai kanti, ya riga ya shige cikin HT. Shi ya sa in an ƙara shi, ba sabon layi za ku gani ba, HT ɗin ne zai kumbura, TVA ta bi shi.

Daga nan abu biyu ke fitowa. Mai kanti ko mai saida kiredi ba shi da hurumin ƙara maku wani kuɗi da baki da sunan aksiz, an riga an biya tun daga sama. Sannan duk wanda ya rubuta maku TVA a takarda, ku duba ko akwai lambarsa ta NIF, kuma takardar da ta fito daga na'urar da ma'aikatar haraji ta DGI ta amince da ita na ɗauke da tambarin QR. In babu su, ba ku da tabbacin kuɗin ya isa baitulmali. Ƙorafin haraji ofishin haraji na gundumarku ake kai shi. Na kiredin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba, a fara da kamfanin, in ba a samu biyan buƙata ba a kai ga ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa.