Jinga a Rubuce: Shafi Ɗaya da Ke Raba Gardama Tsakanin Mai Aiki da Mai Ba da Aiki

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai sana'ar da ke cin gashin kansa da wanda ya ba shi aiki ba daga mugun nufi take farawa ba. Takan fara ne daga kalmomi uku masu daɗin ji: "Ai ba komai." An yi ciniki a waya, an yi sallama cikin raha, kowa ya tafi da abin da yake zaton an ƙulla. Bayan wata guda, mai aiki yana cewa ya gama, mai ba da aiki yana cewa ko rabi ba a yi ba, kuma kowannensu zai iya rantsuwa yana da gaskiya.

Jinga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Magini da mai huɗa da mai haƙar rijiya duk sun san ta: a faɗi aiki, a yanka kuɗi, a tafa. Abin da ya sauya shi ne irin aikin. Katanga ana ganin tsawonta, kunya ana ƙirga ta. Amma zanen tambari, fassara, haɗa bidiyo ko gina shafin intanet ba su da iyakar da ido ke gani, sai wadda aka shata musu a rubuce. Mutanenmu kuwa sukan ji nauyin cewa a rubuta, kamar zargi ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata Hajiya a Kano tana sana'ar yaji, tana so ta fara kai kayanta manyan kantuna. Ta nemi wani matashi mai zane a kwamfuta ya yi mata tambari da sitikar da za a manna a jikin roba. Sun daidaita a kan naira 120,000. Me ya kamata takardarsu ta ƙunsa?

Iyakar aiki: abin da za a iya ƙirgawa

Bayan sunaye, lambobin waya da kwanan wata, abu na farko shi ne aikin kansa. Idan aka rubuta "zai yi mata zanen kayan sana'arta", ba a rubuta komai ba. Gobe Hajiya za ta ce a ƙara katin kasuwanci, jibi allon shago, gata hoton barka da Sallah, kuma duk suna shiga ƙarƙashin wannan jimla.

Ga yadda ya fi: "Zai zana tambari ɗaya, wanda Hajiya za ta zaɓa daga samfuri uku. Zai zana sitika ɗaya mai faɗin santimita 10 da tsayin santimita 6, iri biyu: yajin tafarnuwa da yajin daddawa. Zai miƙa aikin a PDF don maɗaba'a, da PNG don waya." Sannan a ƙara layin da mutane da yawa ke mantawa, wato abin da ba ya ciki: "Kuɗin bugawa, ɗaukar hoto da katin kasuwanci ba sa cikin wannan jinga." A kuma faɗi abin da ke wuyan Hajiya: ita za ta kawo sunan kaya, jerin sinadaran da ke ciki, nauyi, adireshi, da lambar NAFDAC idan ta samu.

Ma'aunin yana da sauƙi. A ba wa wani da bai ji cinikin ba ya karanta. Idan zai iya riƙe takardar ya duba aikin ya ce an gama ko ba a gama ba, to iyakar ta fito.

Gyara: sau nawa, kuma mene ne gyara?

A nan ne mai zane ya fi shan wuya. Da ƙarfe goma na dare saƙon murya ya shigo: "Malam, don Allah a ɗan ƙara ja." Da safe wani: "Alhaji ya ce koren ya fi." Da la'asar ƙanwarta ta gani ta ce rubutun ya yi ƙanƙanta. Kowane ɗaya "ɗan gyara" ne, amma idan aka tara sai a ga mako biyu sun tafi a kyauta.

Takarda za ta warware abu uku. Na farko adadi: gyara zagaye biyu yana cikin kuɗin. Na biyu ma'anar zagaye: Hajiya za ta tattara duk abin da take so a sauya, da nata da na masu ba ta shawara, ta turo a saƙo ɗaya a rubuce. Na uku bambancin gyara da sabon aiki: sauya launi, girman rubutu ko matsar da hoto gyara ne; watsar da tambarin da aka riga aka zaɓa a faro wani, sabon ciniki ne. Zagaye na uku zuwa sama, kowanne naira 10,000. Kuskuren mai zane kuwa, kamar ya tsallake harafi a sunan kaya, shi zai gyara ba tare da an ƙirga ba.

Akwai wani layi da ya fi sauran tsada. A ce an buga sitika 5,000, an manna rabi, sai aka lura lamba ɗaya a lambar wayar ta juye. Wa zai biya maɗaba'a? Don haka a rubuta: "Kafin a kai maɗaba'a, Hajiya za ta karanta kowace kalma da lamba, ta rubuto cewa ta amince. Bayan amincewarta, kuskuren rubutu ba ya wuyan mai zane."

Wa'adi mai hannu biyu

"Nan da sati biyu in sha Allahu" ba wa'adi ba ne sai an san ranar da aka fara ƙirga. A ɗaura shi da wani abu da ya faru: "Samfuri uku za su iso cikin kwana 7 na aiki daga ranar da kafin alƙalami da bayanan kaya suka shiga hannun mai zane. Kowane zagayen gyara kwana 3 ne."

Wa'adi ba na mai aiki kaɗai ba ne. Idan Hajiya ta tafi Umara ta yi shiru mako uku, ba za ta dawo ta ce gobe take so ba. A rubuta cewa za ta amsa cikin kwana 3, kuma duk ranar da ta ƙara, ranar miƙa aiki ta matsa da kwatankwacinta. Idan shirun ya kai kwana 30, an jingine aikin har sai mai zane ya samu sarari. Ita ma tana da kariya: idan mai zane ya wuce wa'adi da kwana 7 ba tare da uzurin da suka yarda da shi ba, tana iya janyewa a mayar mata da kuɗin abin da ba a yi ba. Idan kuma akwai ranar da ba ta ɗaguwa, kamar tana so kayan su fito kafin azumi, a rubuta kwanan watan ƙarara.

Biya: kowane kaso da matakinsa

Kada a ɗaura biya da kalanda, a ɗaura shi da aiki. Naira 120,000 ɗin nan za a iya raba ta uku. Rabi, wato 60,000, kafin alƙalami ne, ba a taɓa aiki sai ya shiga. Sai 36,000 ranar da Hajiya ta zaɓi tambari. Cikon 24,000 kuma bayan amincewar ƙarshe, kafin a miƙa fayil ɗin da maɗaba'a za ta iya bugawa. Kafin nan, abin da take gani ƙaramin hoto ne mai ɗauke da sunan mai zane a kwance a kai. Ta haka babu lokacin da ɗayansu ya yi wa ɗayan nisa: shi bai yi aikin da ba a biya ba da yawa, ita ba ta biya abin da ba ta gani ba da yawa.

A sa lambar asusun banki a cikin takardar, a kuma ce biya ya tabbata ne idan kuɗi sun shiga, ba idan an turo hoton rasit ba. A faɗi makomar kafin alƙalami idan Hajiya ta fasa: kafin a fara aiki a mayar mata, bayan an turo samfuri ya zama ladan wahala. Mai zane kuma ya tuna, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mallaka: biyan kuɗi kaɗai bai isa ba

Wannan shi ne sashen da ya fi ba mutane mamaki. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi, sai dai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Kuma sallama haƙƙin ga wani ba ya aiki sai a rubuce. Ke nan Hajiya tana iya biyan kuɗi cif, ta yi shekaru tana manna sitika, amma ranar da ta tashi yi wa tambarinta rajistar alamar kasuwanci, ko wani ya kwaikwaye shi tana so ta kai ƙara, ta tarar ba ta da takardar da ke nuna nata ne.

Jimla ɗaya ta wadatar: "Da zarar an kammala biyan naira 120,000, mai zane ya sallama wa Hajiya dukkan haƙƙin mallakar tambarin da ta zaɓa da sitikar." Kalmar "da zarar an kammala biya" ita ce garkuwar mai zane, domin kafin ciko ya shiga aikin nasa ne.

Sai ƙananan abubuwa uku. Samfuri biyun da ba a zaɓa ba suna nan a hannun mai zane. Yana da damar nuna aikin a matsayin shaidar gwanintarsa, amma bayan kayan sun shiga kasuwa. Sannan asalin fayil ɗin da ake iya buɗewa a sauya, kamar CDR na CorelDRAW da masu maɗaba'a suka saba da shi, a faɗi ko yana cikin kuɗin ko da nasa farashin; ba tare da shi ba, ko lambar waya Hajiya za ta sauya sai ta nemo mai zanen. Idan kuma ya yi amfani da hoton barkono ko salon haruffa na wani, ya tabbatar yana da izinin sa su a kayan sayarwa, domin ba ya iya sallama abin da ba nasa ba.

A ƙarshen shafi kowa ya sa hannu da kwanan wata, da shaida ɗaya idan ya samu, kowa ya riƙe kwafi. Idan ba a gari ɗaya suke ba, a tura takardar ta waya ko imel, ɗayan ya sa hannu ya maido. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta yarda da hujjar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗanta. Duk sauyin da aka yi daga baya a baki, a bi shi da saƙo: "Hajiya, kamar yadda muka yi magana, an ƙara yajin citta a kan naira 15,000." Idan kuɗin masu yawa ne ko kamfani ne ya kawo tasa takardar, a nuna wa lauya.

Nauyin baki kuwa yana da magani. Kada a ce "sai kin sa hannu". A ce: "Hajiya, ga abin da na fahimta mun yi, ki duba ko na manta wani abu." Sau da yawa a nan ne za ta ce, "Af, ni na ɗauka har da katin kasuwanci." Wannan "af" ɗin a ranar farko minti biyu take ci. A rana ta talatin kuwa, zumunci take ci.