Komawa aiki bayan shekara 11 a gida: Abin da ya kamata ya zo a saman takardar neman aiki

Ma'aikatan tarayya da hadiman manya a Abuja sun saba karɓar takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, daga 'yan uwa a gida, da roƙon a miƙa ta inda ya dace. Wadda ta fi wahalar miƙawa ita ce ta uwar da ta ajiye aiki don rainon yara, domin idan aka jera ayyukanta daga na baya-bayan nan, abin da idon mai tantancewa zai fara gani shi ne shekarar da ta daina aiki. Mafita ita ce a buɗe takardar da ƙwarewa, tarihin aiki ya biyo baya. Sai dai wannan tsari yana da ƙa'ida, yana kuma da iyaka.

A ɗauki misalin wata mata a unguwar Dilimi da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, unguwar da ta yi suna wajen cinikin kayan gyaran mota da kayan gwangwan. A ce shekararta 40, ta yi babbar difloma a fannin akanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Filato, ta yi hidimar ƙasa, ta kuma riƙe asusun wata makaranta mai zaman kanta daga 2011 zuwa 2014. Daga nan ta zauna a gida har 2025. A cikin waɗannan shekaru ita ke rubuta lissafin shagon kayan gyara na maigidanta, ita ce kuma uwar adashin mata 24. Yanzu tana neman aikin jami'ar asusu.

Layin farko bayan sunanta da lambar wayarta ya kamata ya faɗi ko wace ce ita a sana'a: jami'ar asusu mai babbar difloma, wadda ta yi shekara uku tana riƙe asusun makaranta, da shekara shida tana riƙe lissafin shago. A ƙarƙashinsa sai kanun ƙwarewa guda uku, waɗanda za a tsamo daga tallan aikin da take nema. Idan tallan ya ambaci ajiye lissafi, bin bashi da daidaita asusun banki, su ne kanun nata, da kalmomin da tallan ya yi amfani da su, kuma da Turanci kamar yadda aka saba a ofisoshi.

Inda aikin yake shi ne abin da za a rubuta a ƙarƙashin kowane kai. Yawancin masu nema suna cika wurin da siffofi irin su riƙon amana da haƙuri da iya zama da jama'a. Babu mai tantancewar da zai ba wa siffa maki, domin kowa na iya rubuta ta. Abin da ke da nauyi shi ne layi mai ɗauke da abu huɗu: aikin da aka yi, wurin, adadi da shekara. A ƙarƙashin bin bashi, misali, za ta rubuta cewa daga 2019 zuwa 2025 ta riƙe littafin bashin makanikai kusan 40 da ke ɗaukar kaya a shagon, tana fitar da jerin waɗanda suka wuce kwana 30 ba su biya ba a ƙarshen kowane wata. A ƙarƙashin kula da kuɗi, za ta nuna cewa mata 24 na zuba naira 10,000 kowane wata, wato kwasa ɗaya naira 240,000, zagaye ɗaya na shekara biyu kuma naira 5,760,000, duk sun bi ta hannunta a rubuce. Mai karanta wannan ya ga aikin akanta, ko da ba a ofis aka yi shi ba.

Kuskure na farko shi ne a bari ƙwarewar ta haɗiye kwanakin aiki. Waɗanda suka daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata sun san cewa takardar da babu shekaru a cikinta tana ɓoye wani abu, kuma zarginsu yakan fi gaskiyar muni. Saboda haka sashen ƙwarewa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na shafin farko. Tarihin aiki ya biyo shi da cikakkun shekaru, giɓin kuma ya samu layinsa guda: 2014 zuwa 2025, kula da iyali, tare da riƙe lissafin shagon iyali daga 2019. Ba a buƙatar yawan yara ko neman afuwa.

Kuskure na biyu shi ne kumbura muƙami. Wadda ta kira kanta manajar kuɗi ta shagon da ba ta taɓa karɓar albashi a cikinsa ba za ta sha wuya a gaban kwamiti, da zarar an nemi takardar ɗaukarta aiki. Ma'auni mai sauƙi shi ne ta tambayi kanta game da kowane layi: wa zai shaida wannan, kuma wane littafi zan nuna? Adashi yana da littafi da mambobi. Dafa abinci da kai yara asibiti ayyuka ne na gaske, amma ba su da gurbi a takardar jami'ar asusu. Maigida ma ba ya zama mai tsaya mata, tun da shaidar miji ba ta gamsar da kwamiti; shugaban makarantar da ta yi wa aiki da dillalin da ke kawo wa shagon kaya sun fi dacewa.

Akwai kuma tambayar da shekara 11 ke jawowa, wato ko iliminta ya tsufa. Amsar ita ce layi ɗaya aƙalla mai ɗauke da shekarar bana ko bara. Idan lissafin shagon a littafi yake, ta mayar da na wata uku cikin Excel kafin ta rubuta cewa ta iya shi, domin ana iya zaunar da ita gaban kwamfuta a ranar ganawa.

Iyakar tsarin tana bayyana a ƙofar gwamnati. Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya tana karɓar masu nema ta fom a intanet, kuma fom shekaru da takardun shaida yake tambaya. Matakin albashin da za a ɗauke ta a kai ya dogara ne da takardar karatunta. A can amfanin kanun ƙwarewar shi ne su zama amsoshinta a gaban kwamiti. Dokokin aikin gwamnati sun sa shekara 50 a matsayin iyakar shiga, ritaya kuma a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, don haka mai shekara 40 tana da shekara 20 a gabanta, sai dai wasu hukumomin kan sa iyakar da ta gaza haka a tallansu.

Kafin takardar ta bar Jos, wanda zai miƙa ta ya duba abu uku. Sunan da ke kanta ya yi daidai da na difloma da takardar kammala hidimar ƙasa da katin ɗan ƙasa. Idan aure ya sauya shi, a haɗa da rantsuwar kotu da sanarwar jarida. Idan wata takarda ta salwanta, kamar yadda ya faru da gidaje da dama a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, a samo rahoton 'yan sanda da rantsuwa, a nemi tabbaci daga makarantar tun kafin a buƙata. Idan kuma an taɓa buɗe mata asusun fansho, lambar tana nan da ranta, ita za ta ba sabon wurin aiki, ba ta buɗe wani ba.