Abin da ke gudana cikin batirin salula lokacin caji

A Cadawa, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, mai cajin salula yakan jera wayoyi bisa tebur, kowa na jiran tasa ta cika. Mutane da dama suna zaton ana ɗura wa batir wuta ne kamar yadda ake ɗura ruwa a tulu. Ba haka ba ne. Babu abin da ke ƙaruwa a cikinsa, kaya ne kawai suke canza ɗaki.

Batirin yana da ɗaki biyu. Ɗaya na girafait ne, irin baƙin da ke cikin fensir. Ɗayan kuma, a yawancin wayoyi, haɗin litiyom ne da kobalt da oksijin, wato LiCoO₂. Tsakaninsu akwai siririyar leda mai ƙananan ƙofofi, jiƙe da ruwan sinadari. Ƙwayoyin litiyom suna iya ratsa ta, amma elektiron, waɗanda gudunsu shi ne wutar lantarki, ba su iyawa.

Idan aka jona caja, ƙarfin wutar yakan fizgo litiyom daga ɗakin kobalt, ya ratsa ledar, ya maƙale cikin shimfiɗun girafait. Ƙwayar karbon shida ke riƙe litiyom ɗaya. Elektiron kuwa sai su zagaya ta waje su tarar da shi can. Kamar famfo ne da ke tura ruwa saman tanki: an kashe ƙarfi wajen hawa, ƙarfin kuma yana ajiye. Da an kunna salula sai litiyom ya koma ɗakin kobalt da kansa, elektiron su bi ta cikin na'urar, su haska fuskarta.

Cikakken batir yakan kai kamar bolt 4,2, ya sauka kusan 3 idan ya ƙare, matsakaicinsa 3,7. Wanda aka rubuta wa 5000 mAh ke nan yana riƙe da 18,5 Wh, wato 5 sau 3,7. A lissafi, caja mai wat 10 za ta cika shi ƙasa da awa biyu. A zahiri takan wuce haka, domin wani ƙarfin yana tafiya a zafi, kuma wayar tana rage wutar idan an kusa cika, kada litiyom ya taru a bakin girafait ya zama ƙarfe.

A kowane zagaye, wani ɗan litiyom yakan maƙale a wani ɓawo da ke rufe girafait, ba ya sake dawowa. Zafi yana gaggauta wannan, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40. Shi ya sa wayar da ake caji cikin rana ko ƙarƙashin matashi take saurin gajiya. Idan kuma batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, ruwan cikinsa ne ya ruɓe ya zama iska. Irin wannan ba a huda shi, ba a danna shi, ba a sake jona shi, domin idan ledar ta yage ɗakunan biyu suka haɗu, yana iya kamawa da wuta.