Kafin a Kira Sunanka: Zaman Jiran Intabiyu

Takardar gayyata takan ce ƙarfe tara na safe, amma sau da yawa sai an kusa kiran azahar mai neman aiki yana nan bisa benci, rungume da fayil ɗin takardunsa, yana kallon ƙofa tana buɗewa tana rufewa. Mutane da dama a wannan benci suke faɗuwa intabiyu, tun ba a yi musu tambaya ko ɗaya ba. Sun san aikin sarai. Jikinsu ne ya riga su shiga ɗakin.

Da zarar ƙwaƙwalwa ta ɗauki abin da ke gaba a matsayin haɗari, wasu ƙananan halittu da ke zaune a kan ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar babban mutum, wadda a hutu take bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, sai ta ƙara gudu. Jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, narkar da abinci ta ja baya, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe. Shiri ne na gudu ko kokawa, ga mutum kuma an ce ya zauna ya jira. Ƙarfin da ya rasa wurin zuwa shi ne ke fitowa a karkarwar gwiwa da rawar takarda a hannu.

Ba a iya ba zuciya umarni ta sassauta, amma ana iya ba numfashi, ita kuma tana bin sa. Mai fargaba yakan yi numfashi sama-sama da ƙirji, da sauri, har ya fitar da iskar kabon fiye da kima. Alamar hakan jiri ne da jin yatsu ko leɓe suna tsitsiniya. A nan shawarar da aka saba bayarwa, wai a ja dogon numfashi, takan ƙara dagula lamarin, domin mutum sai ya yi ta zuƙar iska yana cika ƙirji. Maganin yana wajen fitarwa. A shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu a zuci, a bar ciki ya taso, kafaɗa na nan inda take, sannan a saki a hankali ana ƙirga shida. Hakan yana kawo numfashi wajen sau shida a minti, maimakon 12 zuwa 20 da aka saba, kuma bugun zuciya yana raguwa ne a lokacin fitar da iska. Minti biyu ko uku sun isa a ji bambanci, na kusa da kai ma ba zai lura ba. Wanda ya saba jan carbi ya samu sauƙi, sai ya bar zikirin ya bi fitar numfashin.

Gwiwa mai rawa kuwa, a ba ta aiki. A dasa tafin ƙafa biyu a ƙasa, a danna da ƙarfi na daƙiƙa biyar, a saki, a maimaita. In jira ya yi tsawo, a tashi a taka zuwa bakin famfo a wanke fuska, bayan an shaida wa mai kiran suna.

Murya ce ta fi tona asiri. Tsokokin maƙogwaro suna ɗaurewa, sai ta sirance ta hau sama, magana ta riƙa fita da gudu, iska ta ƙare kafin jimla ta ƙare. Abin da ke ƙara ɓata ta shi ne shirun awa uku: mutum bai ce uffan ba tun safe, sai a gaban manya zai fara buɗe baki. Gara a gaisa da maigadi, a yi wa maƙwabcin benci 'yar hira, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Sai dai a zaɓi abokin hirar. A kowane benci akwai wanda ya zo da labarin cewa an riga an raba guraben, mai uwa a gindin murhu ne kawai zai samu. Ko da gaskiyarsa, jin hakan a wannan sa'a ba ya ƙara maka komai.

Duk wannan gyaran gaggawa ne. Babban aikin a gida ake yin sa, kuma a nan aka fi yin kuskure iri biyu: bita a zuci, da hadda. Amsar da aka tsara a zuci kullum tana da daɗi, sai an zo faɗa a ji harshe yana tuntuɓe, balle in da Hausa aka yi tunanin, da Turanci ko Faransanci za a amsa. Hadda kuma tsani ce, matakala ɗaya ta karye an tsaya cak.

Mu ɗauki matashiya mai takardar NCE da ke neman koyarwa a firamare. Da wuya ta fito ba a tambaye ta yadda take yi da yaron da ya kasa gane darasi ba. Maimakon ta haddace shafi guda, sai ta riƙe abu uku: halin da ta tarar, abin da ta yi, da abin da ya biyo baya. A lokacin koyarwar gwaji ta samu 'yan aji huɗu sun kasa bambanta rabi da kwata. Ta zo da lemo ta yanka a gabansu, ta sa su da kansu suka raba. Da ta sake gwada su, yawancinsu sun ci. Wannan labari za ta faɗa da baki, da ƙarfi, kullum da kalmomi daban, tana ɗauka a waya. In ta saurara za ta ji inda take gudu, da inda take cika “am, am”, ta kuma ga ko ta wuce minti biyu. Daga nan sai ta sa yayanta ko wata tsohuwar malamarta su zauna mata a matsayin kwamiti, su ɗaure fuska, su katse ta a tsakiyar magana. Bitar da ba ta sa gabanta ya ɗan faɗi ba, ba ta koya mata amsawa cikin faɗuwar gaba ba.

Abu guda na yarda a haddace: jimloli biyu na farko na gabatar da kai. Fargaba ta fi tsanani a farkon shiga, kuma in baki ya san hanyarsa a wannan gaɓa, sauran yakan zo da sauƙi.

A karya kumallo, a kuma sa ɗan abin taɓawa a jaka, don yunwa ma tana sa rawar jiki. Goro, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, wanda ke ƙara bugun zuciya da rawar hannu, saboda haka kada a wuce abin da aka saba. Wasu kan sayi maganin hawan jini irin su furofaranolol don hana karkarwa. Ba a shan sa sai da izinin likita, domin yana da haɗari ga mai asma.

Akwai kuma binciken da Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta wallafa a 2014. Ta gano cewa waɗanda suka faɗa wa kansu ɗoki suke yi kafin jawabi sun fi waɗanda suka ce a natse suke burge masu sauraro. Dalilin a fili yake: ɗoki da fargaba duk zuciya ke bugawa, sauya mata suna ya fi tsayar da ita sauƙi.

In an kira suna, a goge hannu da hankici, a saki numfashi, a yi sallama. Tarbiyya ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya, amma mai kallon ƙasa muryarsa ƙasa take tafiya, kwamiti ya yi ta cewa “ɗaga murya, malama”. A dubi fuskar mai tambaya, ba sai an ƙura masa ido ba. In tambaya ta zo da wuya, a ɗan yi shiru ko a nemi a maimaita ta. Shirun daƙiƙa uku ga mai amsa yana da tsawo, su kuwa masu tambaya galibi suna rubutu ne a lokacin.