Kashi 8 cikin 100 na me? Yadda ake karanta jadawalin da ke bayan kwalin abinci

Ya zama ruwan dare a yanzu mutum ya ɗauki hoton bayan kwalin biskit ko ledar taliya a kanti, ya tura wa wani ɗan uwa da ya yi boko ta WhatsApp, ya tambaya ko mai ciwon sukari ko mai hawan jini zai iya ci. Sau da yawa amsar takan zo cikin minti ɗaya: sukarin kashi 8 cikin 100 ne kacal, babu damuwa. Wanda ya ba da amsar bai yi ƙarya ba, lambar tana nan a hoton. Sai dai bai tambayi abu biyu ba: kashi 8 na wane ma'auni, kuma a cikin biskit nawa.

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Njamena, kaya iri uku ne ke haɗuwa a kan tebur ɗaya. Akwai masu rubutun Faransanci, akwai masu Ingilishi da suka shigo daga Najeriya ko wata ƙasa, akwai masu Larabci. Jadawalinsu ya yi kama da juna a ido, amma ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

A ɗauki misalin kwalin biskit mai rubutun Faransanci, wanda nauyinsa giram 150 ne. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma sun yi kusa da abin da ake gani a kan biskit mai zaƙi. Jadawalin yana da layi uku daga sama zuwa ƙasa. A kan na farko an rubuta «Pour 100 g», wato abin da ke cikin giram 100. A kan na biyu an rubuta «Par portion (30 g)», wato abin da ke cikin rabo ɗaya na giram 30, biskit uku kenan. Na uku shi ne mai alamar «% AR». A layin farko sukari giram 24 ne, a na biyu giram 7,2, a na uku kuwa kashi 8 cikin 100.

Wannan rabo na giram 30 ba likita ne ya yanka shi ba. A tsarin Tarayyar Turai, wanda kamfanoni da yawa masu rubutu da Faransanci ke kwaikwayo, abin da doka ta wajabta tun Disambar 2016 shi ne a nuna alƙaluman giram 100 ko mililita 100. Layin rabo kuwa ganin dama ne, kuma kamfanin ne da kansa ke zaɓar girmansa. Idan ya ƙanƙanta rabon, duk lambobin da ke ƙarƙashinsa sai su yi ƙanƙanta, kayan su yi kyan gani. A Amurka akwai ƙa'ida, domin abin da ake rubutawa «Serving size» ana ɗauko shi ne daga yawan da mutane suka saba ci a zama ɗaya. Amma ko a can ma ba shawara ba ce ta yawan da ya kamata a ci. Ma'aunin lissafi ne kawai.

To, wa ke cin biskit uku ya rufe kwali? Yaron da aka ba shi kwalin a hanyar makaranta zai cinye shi kafin ya isa ƙofa. Saboda haka lissafin farko shi ne a raba nauyin kwali da nauyin rabo: 150 a raba da 30 ya ba da 5. Kwalin yana ɗauke da rabo biyar. Sukarin da ke cikinsa duka shi ne 7,2 sau 5, wato giram 36. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari, kenan cokali tara ne a kwalin nan. Kashi 8 ɗin ma sai a ninka shi sau biyar, ya zama kashi 40.

Saura tambaya ta biyu: kashi 40 na me? Mutane da yawa suna ɗauka cewa kashi 8 na nufin kashi 8 na biskit ɗin sukari ne. Ba haka ba ne. Layin farko ya riga ya nuna cewa giram 24 cikin 100 sukari ne, kusan rubu'in biskit ɗin ke nan. Haruffan AR suna nufin «apports de référence», wato wani adadi da aka tsayar a matsayin abin da matsakaicin baligi ke ci a yini, mai buƙatar kalori 2000. A wannan ma'auni na Turai, maiƙo giram 70 ne a yini, daskararren kitse giram 20, furotin giram 50, gishiri giram 6, sukari kuma giram 90. Idan aka raba 7,2 da 90, nan ne kashi 8 ya fito.

Giram 90 ɗin nan ne ke ruɗa mutane, domin ya haɗa dukkan sukarin da ke shiga ciki a yini, har da wanda Allah ya halitta a cikin mangwaro, dabino da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata awon daban. A shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, tare da na zuma da na ruwan ƴaƴan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kuma in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga mai cin kalori 2000, kashi 10 shi ne giram 50. Sukarin biskit kusan dukkansa na ƙari ne, don haka da wannan mudun ya kamata a auna shi. Giram 36 cikin 50 kashi 72 ne cikin 100. Kwalin da aka ce kashi 8 ne ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na rabon babban mutum, tun bai kurɓi shayin safe ba.

Ga yaro kuwa abin ya fi haka, domin ba don shi aka yi jadawalin ba. A ce ƙaramin yaro yana buƙatar kalori 1400 a yini. Kashi 10 na wannan shi ne kalori 140, kuma tun da kowane giram na sukari yana ba da kalori 4, iyakarsa giram 35 ce. Kwali ɗaya ya riga ya wuce ta.

A madarar gari da nonon gwangwani marar ƙarin zaƙi, lissafin ya sha bamban. Sukarin da aka rubuta a jikinsu na madarar ne tun asali, ba ya cikin wanda hukumar ta taƙaita. Hanyar rarrabewa ita ce a duba jerin kayan haɗi: ana jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, kuma in aka ga «sucre» ko «sirop de glucose» a farko-farko, to na ƙari ne. Wani abin lura kuma, kalmar «dont» da ke gaban «sucres» tana nufin «daga ciki». Sukarin yana cikin adadin «glucides» da ke samansa, ba a haɗa su biyun a yi jimla.

Gishiri yana da nasa tarkon, kuma shi ya fi shafar masu hawan jini. Kwalayen tsarin Turai suna rubuta «Sel» da giram. Wasu kuma, musamman masu Ingilishi, suna rubuta «Sodium» da miligiram. Sodiyom wani ɓangare ne kawai na gishiri, kuma don a mayar da shi gishiri sai a ninka shi sau biyu da rabi. A ce ledar taliya mai saurin dahuwa, irin mai ƙunshin ɗanɗano a ciki, ta nuna sodiyom miligiram 1200. Wannan giram 1,2 ne, in an ninka da 2,5 ya zama gishiri giram 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 a yini, kenan leda ɗaya ta ɗauke kashi 60 cikin 100. Da ma'aunin Turai za a rubuta mata kashi 50, da na Amurka mai miligiram 2300 kuma kashi 52. Taliya ɗaya ce, lamba uku. Wanda ya ajiye kwali mai «Sel 2 g» ya ɗauki mai «Sodium 1 g» yana tsammanin ya rage gishiri da rabi, alhali ƙari ya yi, domin na biyun giram 2,5 ne.

Shi ya sa, in za a gwada kaya biyu da juna, layin giram 100 ne abin dogaro. Shi kaɗai ne kamfani ba ya iya rage masa tsawo. Ma'aunin da ake amfani da shi a Biritaniya yana da sauƙin riƙewa a nan: abincin da sukarinsa ya haura giram 22,5 cikin 100, ko gishirinsa ya haura giram 1,5, ana lissafa shi cikin masu yawa. Biskit ɗin misalin nan, mai giram 24, ya tsallaka wannan layi, duk da kashi 8 da ke gefensa.

Shi kansa hoton yana jawo kurakuran da ba a yi in kwalin yana hannu. Mai ɗauka yakan matso da waya kan lambobi, sai kan jadawalin ya fita daga hoto, ba a san wane layi ne na giram 100 ba, wane ne na rabo. Nauyin kwalin kuma, wanda ake rubutawa «Poids net», sau da yawa yana gaba ne ko a ƙasa, nesa da jadawali, kuma in babu shi ba za a san rabo nawa ne a ciki ba. Gara a nemi hoto uku: jadawali tare da kansa da ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, wurin nauyi, da jerin kayan haɗi. Ƙaramin rubutun nan shi ke faɗin ko lissafin na busasshen gari ne ko na wanda aka riga aka dama da ruwa ko madara.

Akwai kuma matsalar waƙafi, wadda masu zama tsakanin harsuna biyu suka fi kowa faɗawa cikinta. A Faransanci, 1,200 na nufin ɗaya da ƴan ɗigo, a Ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu ne. Idan ƙyallin leda ko dishi-dishin hoto ya haɗiye waƙafin, 7,2 sai ya koma 72. Ana iya gane wannan da ɗan gwaji: rabon giram 30 ba zai ɗauki sukari giram 72 ba, kuma lambar rabo dole ta yi daidai da ta giram 100 in an yi lissafi, 24 sau 30 a raba da 100, wato 7,2. Haka nan a layin «Énergie» ana rubuta lamba biyu, kamar 2010 kJ da 480 kcal. Abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu, kuma ta biyun ce kalorin da ake magana, domin kalori ɗaya ya ɗan haura kilojul huɗu. In hoton ya yanke haruffan, ƙaramar lambar ita ce ake nema. A kwalin misalin nan, 480 sau ɗaya da rabi ya ba da kalori 720, fiye da sulusin abin da aka ƙiyasta wa baligi a yini guda.