Rufi Ya Yi Yoyo: Yadda Ƙwararre Yake Rubuta wa Kotu Rahoto

A Birnin Kebbi da Argungu, watan Agusta shi ne mai tona asirin rufi. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Saboda haka idan aka yi ruwan milimita 40 a kan rufin kankare mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, lita 4,800 ke nan suka sauka a kansa. In shimfiɗar kwaltar da aka yi don tare ruwa ta gaza, sai rigima ta tashi tsakanin mai gida da ɗan kwangila.

Alƙali ba injiniya ba ne. Shi ya sa sashe na 68 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan al'amarin kimiyya. To, amma ɗaya daga cikin masu shari'ar ne yakan biya shi ladan aikinsa. A wata shari'a da aka yi a Ingila a 1993 kan jirgin ruwan Ikarian Reefer, Mai Shari'a Cresswell ya bayyana cewa wajibi ne ƙwararre ya taimaki kotu da ra'ayin da babu son kai a cikinsa, kada ya zama lauyan wanda ya ɗauko shi.

Bari mu ƙaddara wani gida a Argungu mai irin wancan rufi. Mai gida ya ce aikin ne bai yi kyau ba. Ɗan kwangila ya ce mai gida ne ya huda shimfiɗar lokacin da ya kafa tankin ruwa. Rahoto nagari zai kasa bayaninsa kashi uku.

Kashi na farko shi ne abin da aka gaya wa injiniyan. Zai rubuta: "Mai gida ya shaida mini cewa yoyon ya fara tun kafin a kafa tanki." Bai ce haka ne ba, domin ba a gabansa aka yi ba.

Kashi na biyu shi ne abin da ya gani kuma ya auna. Takardar kwangila ta ce rufin ya gangara santimita 1 a kowane santimita 80, wato santimita 12.5 a faɗin mita 10, domin ruwa ya bi ta indararo. Da ya auna, ya sami santimita 4 kacal. An ce gefen kowace shimfiɗa ya hau kan 'yar'uwarta da santimita 10, amma a ɓangaren arewa ya sami santimita 4, kuma mahaɗar ta ɗage a wuri uku. A kudu kuwa ya ga huda huɗu a ƙafafun tanki.

Sai gwaji, a gaban ɓangarorin biyu. Ya raba rufin biyu, ya toshe indararo, ya tara ruwa mai zurfin santimita 5 na tsawon awa 24, bayan ya tabbatar rufin zai ɗauki nauyin kilo 50 a kowane murabba'in mita. Ɓangare ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, domin ruwa yakan yi tafiya a ƙarƙashin shimfiɗa ya ɓullo nesa da inda ya shiga. Da aka cika arewa, falo ya fara ɗiga bayan awa 6. Da wurin ya bushe aka cika kudu, ɗakin kwana ya nuna danshi bayan awa 20. Duk waɗannan abubuwa ne da wani injiniya zai iya sake aunawa ya sami daidai da su, kuma wannan ita ce alamar da ake bambanta tabbataccen abu da ra'ayi.

Kashi na uku shi ne ra'ayi, kuma dole a kira shi da sunansa: "A ganina, yoyon falo ya samo asali daga ƙarancin hawan mahaɗa da rashin isasshen gangare, na ɗakin kwana kuwa daga hudar tanki." Nan ma zai faɗi iyakar gwajin: ya nuna inda ruwa yake shiga yau, bai nuna ranar da ya fara ba. Zai kuma auna bayanin da ya saɓa wa nasa. Zafin Afrilu a kwarin Rima yakan wuce digiri 40, kuma kankare mai mita 10 yakan miƙe da kimanin milimita 3 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30. Wannan motsi yana iya buɗe mahaɗa, sai dai ya fi saurin buɗe wadda hawanta bai kai ƙa'ida ba.

Mai karatu zai lura cewa rahoton bai wanke kowa ba, ko da mai gida ne ya biya kuɗinsa. Kalmomi irin su "sakaci" da "ha'inci" ba su da gurbi a ciki, domin babu ma'aunin da yake auna niyyar mutum. Batun wanda zai biya kuɗin gyara kuwa, da nawa zai biya, wannan hurumin alƙali ne.