Birkin Gaggawa a Manhajar Ciniki: Yadda Ake Tsara Shi da Inda Yake Gazawa

Manhajar ciniki ƙaramin shiri ne na kwamfuta da mutum yake rubutawa, ko ya saya a hannun wani, domin ya riƙa tura odar saye da sayarwa zuwa ga dillali ko dandalin kirifto ba tare da mai shi ya taɓa komai ba. Birkin gaggawa kuwa shi ne sashen da aikinsa ɗaya ne tak, wato ya hana manhajar ci gaba da tura oda da zarar alamu sun nuna cewa abin da take zaton yana faruwa ya sha bamban da abin da yake faruwa a asusun. Yawancin masu rubuta irin wannan manhaja sukan ɗauka cewa birkin bai wuce ƙidayar kurakurai ba, a ce idan saƙon kuskure ya zo sau kaza to a tsaya. Ƙidayar tana da amfani, amma ita ce mafi sauƙin ɓangaren aikin, domin asarar da ta fi muni takan zo ne a lokacin da babu saƙon kuskure ko ɗaya, kowace oda tana tafiya, kowace kuma tana cika.

Abin da ya sami kamfanin Knight Capital na Amurka a ranar 1 ga Agusta 2012 ya isa shaida. Kamfanin ya ɗora sabon shiri a kan kwamfutoci takwas masu rarraba oda, sai aka tsallake ɗaya daga cikinsu, wadda ta ci gaba da ɗauke da wani tsohon sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi shekaru da dama. Wannan tsohon sashe yana yanka babbar oda zuwa ƙanana yana turawa kasuwa, amma an riga an ɗauke masa ma'aunin da ke gaya masa cewa babbar odar ta cika, saboda haka bai san inda zai tsaya ba. Daga oda 212 kacal na abokan ciniki, na'urar ta yi ciniki sama da sau miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154 cikin kimanin minti 45, kuma asarar ta haura dala miliyan 440. Binciken hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ya nuna cewa tun kafin a buɗe kasuwa na'urorin kamfanin sun aika saƙonnin imel 97 masu ambaton matsalar, ba a yi aiki da su ba, sannan babu wani shinge da ke gwada abin da ya fita da abin da aka nema ya rufe ƙofa da kansa. A shekarar 2013 hukumar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12. Kasuwa ba ta ƙi karɓar odojin ba, don haka mai ƙidayar kurakurai kaɗai da bai ga abin tsayawa ba.

Ma'aunin farko na birki mai inganci, ke nan, shi ne gwada littafi biyu. Akwai littafin manhajar, wato adadin kayan da take lissafin tana riƙe da su bisa odojin da ta san ta tura, akwai kuma littafin dillali, wato adadin da asusun yake nunawa idan aka tambaye shi kai tsaye. Cikar bazata ita ce duk cinikin da ya bayyana a littafin dillali alhali manhajar ba ta san da shi ba, ko ya zo da yawan da ya wuce wanda aka nema, ko ya zo a ɓangaren sayarwa alhali saye aka yi nufi, ko kuma farashinsa ya yi nisa da wanda aka yi tsammani fiye da iyakar da aka yanka. Cikar da ta zo rabi-rabi ba ta cikin wannan lissafi, domin abu ne na yau da kullum a nemi ɗari a samu arba'in tukuna, kuma birkin da ke kamawa a kan haka zai gajiyar da mai shi har ya cire shi gaba ɗaya.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma yana iya faɗawa irin ramin Knight Capital, ta wata hanya da ta fi kusa da mai aiki da intanet mai yawan yankewa. A ɗauka, a matsayin misali, mutum yana da jarin dala 2,000, manhajarsa kuma tana sayen 0.01 na Bitcoin a kowace oda a lokacin da farashi yake dala 60,000, wato dala 600 kowace oda. Manhajar ta tura oda, ta jira amsa daƙiƙa 10, amsa ba ta zo ba, sai ta ɗauka odar ba ta isa ba ta sake turawa, aka maimaita haka, sai a karo na uku amsa ta dawo. A littafinta tana riƙe da 0.01, amma a gaskiya duka odojin uku sun isa sun kuma cika, amsoshin biyun farko ne suka ɓace a hanyar dawowa, saboda haka asusun yana riƙe da 0.03, dala 1,800 daga cikin 2,000 sun shiga kasuwa. Idan lokacin fita ya yi manhajar za ta sayar da 0.01 ta rubuta cewa ta fita, ta bar 0.02 babu mai kula da su, farashi ya yi yadda ya ga dama da su.

Tushen wannan matsala shi ne ɗaukar shiru a matsayin ƙi. Kurakurai ba iri ɗaya ba ne, kuma birkin da ya zuba su a kwando ɗaya bai fahimci aikinsa ba. Idan dillali ya amsa cewa kuɗi ba su isa ba ko farashin bai dace da ƙa'ida ba, an san tabbas odar ba ta shiga ba. Idan ya amsa da lambar `429`, yana nufin buƙatun sun yi yawa, maganinsa a rage gudu, kuma a dandalin Binance wanda ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba zai ga lambar `418`, alamar an toshe adireshinsa na wani lokaci, wanda ke nufin ko soke oda ba zai iya yi daga wannan adireshi ba. Amma idan lokacin jira ya ƙare babu amsa, ko aka sami lamba daga rukunin `5XX`, to halin odar ba sananne ba ne, tana iya yiwuwa ta cika. A wannan hali ba a sake turawa sai an tambaya. Abin da ke sa tambayar ta yiwu shi ne manhajar ta ba kowace oda lambar shaida tata tun kafin ta tura, wadda dandamali da yawa suke kira `clientOrderId`, ta yadda za ta iya cewa dillali ya gaya mata halin oda mai lamba kaza. Idan tambayar ita ma ta gaza, birki ya kama nan take, ba sai an jira kuskure na uku ba.

Ga sauran kurakuran ana haɗa ƙidaya biyu, ta waɗanda suka zo a jere, misali uku, da ta waɗanda suka taru cikin wani tsawon lokaci, misali biyar cikin daƙiƙa 60, domin manhajar da ke gazawa sau ɗaya tana nasara sau ɗaya ba za ta taɓa cika uku a jere ba alhali ba lafiya take ba. Waɗannan adadi ba doka ba ce, kowa yana yanka su gwargwadon yawan odar da yake turawa. Ana kuma ƙara rufi a kan yawan oda cikin minti ɗaya da kan girman abin da asusun zai iya riƙewa, wanda a misalin da ya gabata da an sa rufin girman a 0.015 da oda ta biyu ce za ta tona asirin matsalar a binciken farko da ya biyo bayanta.

Idan birki ya kama, jerin abin da zai yi yana da muhimmanci, kuma a taƙaice ga siffarsa:

```python
import os
import sys

def birki(dalili):
    with open("TSAYA", "w") as f:
        f.write(dalili)
    soke_duk_oda()
    sanar_da_mai_shi(dalili)

if os.path.exists("TSAYA"):
    sys.exit(1)
```

Ana fara rubuta alamar tsayawa a fayil kafin komai, kuma ana duba fayil ɗin a farkon tashin manhajar da kuma gabanin kowace oda. Dalili shi ne mutane da yawa suna saita kwamfutarsu ta sake tayar da manhajar da kanta idan ta mutu, to idan alamar tana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ce kawai, manhajar za ta farka da ƙidayar kurakurai a sifili ta ɗora daga inda ta tsaya. Fayil ɗin ba ya gogewa sai da hannun mutum. Bayan haka ake soke odojin da suke jira a kasuwa, sannan a sake tambayar dillali a tabbatar babu wadda ta rage, domin umarnin sokewa shi ma yana iya ɓacewa a hanya, kuma oda tana iya cika a daidai lokacin da ake ƙoƙarin soke ta.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko birkin ya sayar da kayan da ke hannu. A ra'ayin da ya fi ƙarfi, kada ya yi hakan idan dalilin kamawarsa saɓanin littafi ne, domin manhajar da ba ta san abin da take riƙe da shi ba ba ta cancanci a ba ta amanar rufe shi ba, tana iya sayar da abin da babu ta buɗe sabon bashi. Ma'aikatan Knight Capital ma, da suke neman gyara cikin ruɗani, sun cire sabon shirin daga kwamfutoci bakwai masu lafiya, abin da ya sa su ma suka kama aikin tsohon sashen, gyaran ya ƙara ta'azzara ɓarnar. Sai dai soke dukkan oda yana da nasa haɗarin, tunda zai iya haɗawa da odar kariya da aka ajiye a wurin dillali don ta sayar idan farashi ya faɗi zuwa wani mataki. Mai ciniki da kuɗin aro na dandali ya kamata ya ware irin wannan oda daga sokewa, in ba haka ba birkin zai bar shi tsirara a gaban kasuwa.

Duk wannan yana aiki ne muddin manhajar tana raye tana kuma da hanyar sadarwa. Idan ta daskare, ko wuta ta ɗauke, ko layin intanet ya yanke, birkin da ke cikinta ya tafi tare da ita, odojinta kuwa suna nan a kasuwa. Saboda haka wasu dandamali suke ba da agogon sokewa a ɓangarensu, kamar `CancelAllOrdersAfter` na Kraken, inda manhajar take saita wa'adi, misali daƙiƙa 60, tana sabunta shi duk bayan daƙiƙa 15 zuwa 30, idan kuwa ta yi shiru wa'adin ya cika, dandalin da kansa zai soke odojin da ke jira. Wannan agogo ba ya rufe abin da aka riga aka saya, oda kawai yake sokewa. Ƙari a kan haka, ya fi dacewa gwajin littafi biyu ya kasance a hannun wani shiri na dabam da ke gudana shi kaɗai, yana tambayar dillali duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba ya kama birki sai saɓanin ya bayyana a bincike biyu a jere, domin cinikin da ya cika yanzu-yanzu yakan ɗauki ɗan lokaci kafin labarinsa ya iso littafin manhajar.

Ana gwada birkin ne a asusun gwaji kafin a sa kuɗin gaske, ta hanyar jawo matsalolin da gangan: a yanke intanet daidai bayan tura oda, a shiga asusun ta waya a sayi wani abu da hannu a ga ko saɓanin zai sa ya kama, a kashe manhajar a sake kunna ta alhali fayil ɗin `TSAYA` yana nan a ga ko za ta ƙi tashi. Bayan ya kama a ciniki na gaske kuwa, ba a goge fayil ɗin sai an sauke jerin cinikin ranar daga dillali, an bi shi ɗaya bayan ɗaya da lambobin shaidar da manhajar ta rubuta, an gano odar da saɓanin ya faro daga gare ta, an kuma daidaita littafin manhajar da adadin da ke cikin asusun.